Yadda ake saka ɗan labarinka cikin bayanin kasuwanci har ya zama hujja

Karo na farko da na tsaya gaban masu ba da bashi a Garwa minti goma aka ba ni, ni kuwa na cinye shida wurin ba da labari. Na faro tun daga yadda kawuna ya koya min sana'ar albasa a Marwa ina yaro, na bi ta rasuwarsa, na bi ta aurena, ban ma iso kan albasar da ta ruɓe ba direktan ya kalli agogo ya ce Alhaji a taƙaice nawa kuke nema. Wallahi zufa ta karyo min duk da akwai kilim a ɗakin. Ba su ba mu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Bayan wata biyar na koma da dosiye ɗaya, lissafi ɗaya, abin da ya canza kawai labarin ne, na matse shi ya koma minti ɗaya da 'yan sakanni na kuma canza masa wurin zama. To yadda na yi wannan aikin shi zan zayyano maka, da misalin nawa na albasa, kai sai ka ɗora naka a kai ko shinkafar Yagwa kake sayarwa ko kayan moto.

Abin da muke nema a lokacin shi ne sefa miliyan 6 don GIC ɗinmu, wato ƙungiyarmu ta haɗin gwiwa, mu mutum 22, mu gina rumbun ajiyar albasa mai shan iska. Riƙe wannan a ranka domin komai a kansa zai dawo.

Kafin ka nemi labari, nemo maganar

Nan ne mutane suke yin baya-baya da abin. Mutum yana da wani labari da yake jin daɗin bayarwa a majalisa, duk sanda ya bayar ana dariya ko ana salati, sai ya ƙudurta sai ya cusa shi cikin bayaninsa ko ta halin ƙaƙa. A'a. Ajiye labarin tukuna. Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya tak wadda kake so mutanen nan su yarda da ita, kuma wadda ka san suna shakkarta. Wannan sharaɗi na biyun shi ne mai muhimmanci, don in sun riga sun yarda da abu to ba ya buƙatar shaida, ɓata minti ne kawai.

Ni a karon farko da za ka tambaye ni maganata sai in ce "albasa tana da riba". To wa ya musa? Duk wanda ke zaune a arewacin Kamaru ya san ana kwasar albasa da arha lokacin kaka wajen watan Maris, in damina ta yi nisa ta yi tsada, ana loda ta a kamiyo zuwa Yawunde da Duwala. Ba wannan suke shakka ba. Abin da ke ransu shi ne, me ya sa za mu ba ku kuɗin gini, ba kuɗin sayen kaya ba, ai gini ba ya haihuwa. Sai da na gane haka sannan na rubuta jimlata daidai: asararmu ba a wurin saye take ba, ba a wurin sayarwa ba, a ɗakin ajiya take. Shi ke nan. Da zarar jimlar ta fito, labarin kawu da na aure suka faɗi da kansu ba tare da na sha wahalar yanke su ba, saura guda ɗaya, ranar da na buɗe magaza na tarar da buhunana suna ɗigar ruwa.

In kana so ka gwada ko labarin da ka zaɓa ya dace, ba wani ɗan'uwanka shi ba tare da ka faɗa masa dalili ba, sai ka tambaye shi me ya fahimta. In ya faɗi abin da ya yi kusa da jimlarka to ka dace. In ya ce "Allah sarki ka sha wahala", labarin tausayi yake jawowa ba hujja ba, kuma mai kuɗi ba ya ba wanda yake tausayi bashi, sadaka yake ba shi.

Yanka shi

Labarin da zai shiga bayanin kasuwanci gaɓa huɗu gare shi, in ka ga ta biyar to ƙari ce. Yaushe kuma a ina. Me ka yi kana tsammanin me. Me ya faru. Nawa abin ya ci. Ga nawa kamar yadda na faɗe shi a zama na biyu:

"Shekara uku da suka wuce, a watan Maris, na sayi albasa buhu 80 a Marwa, kowane buhu sefa 12,000. Na jibge su a ɗakin shagona mai rufin kwano, buhu kan buhu har kusan rufi, na kulle ƙofa na ce sai farashi ya tashi. A watan Yuli na zo buɗewa, ban ma sa makulli ba warin ya tare ni daga bakin ƙofa. Kwana uku ni da yara biyu muna tsince mai kyau daga ruɓaɓɓiya. Buhu 47 muka tsira da su, 33 muka zubar a bayan kasuwa. Sefa 396,000 ke nan, kuma ba wanda ya cuce ni, na saya da kyau, farashi ma ya tashi yadda na zata. Ɗakin ne ya cinye. Shekarar da ta biyo baya na sake sayen 80, na shanya su a inuwa har wuyansu ya bushe, na zuba su a kan gadon kara ƙarƙashin rumfar ciyawa. Buhu 68 na fitar."

Ka lura da abubuwan da babu. Babu sunan wanda ya sayar min, babu yadda na kwana ban yi barci ba, babu abin da uwargida ta ce, alhali duk sun faru kuma a majalisa su ne daɗin labarin. Abu ɗaya na bari wanda ba lissafi ba, warin nan da ya tare ni a bakin ƙofa, kuma da gangan na bar shi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta layin 'yan albasa da damina ya san wannan warin, da na faɗa sai na ga wata madam a cikin kwamitin ta yamutsa fuska, na san ta shigo ɗakin tare da ni. Irin wannan abu guda ɗaya ake so, wanda hanci ko ido ko kunne zai kama. In ka sa uku ko huɗu ka koma mai tatsuniya.

Sannan lambobi. Kar ka ce "buhu da yawa", kar ka ce "na yi asara mai yawa", faɗi 80, faɗi 33. Kuma ka tabbata lissafin ya haɗu tun daga gida, domin a kowane kwamiti akwai mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan, kana magana yana danna waya, 33 sau 12,000, in bai ga 396,000 ba to duk abin da ka faɗa bayan nan ya zube. Wani abu kuma da ya shafe mu nan, a kasuwa mun saba ƙirga kuɗi da dala, biyar-biyar, to kar bakinka ya zame ka faɗi kuɗin kasuwa a gaban mutanen biro, faɗi sefa yadda yake a rubuce cikin dosiye.

Tsawonsa kuwa agogo ne alƙali, ba yadda kake ji ba. Kunna rikoda ta waya ka faɗe shi da baki a tsaye kamar kana gabansu. Ni ƙa'idar da nake bi, kada labari ya wuce kashi ɗaya cikin goma na lokacin da aka ba ni da wani abu mai yawa, in minti goma ne to minti ɗaya, iyaka ɗaya da rabi. Ɗaukata ta farko a waya minti uku da sakan ashirin ta yi, na saurara na ji ina ta "to ka gane, wato dai, a lokacin nan kuma". Sai da na maimaita sau bakwai ko takwas sannan ta sauko minti ɗaya da sakan goma. Ba haddace kalma-kalma ake ba, in ka haddace za a ji kamar ɗan lekol yana karanto darasi. Jimlar farko da ta ƙarshe da lambobin su ne za ka riƙe daram, na tsakiya bar shi ya zo yadda ya zo.

Inda ake ajiye shi

Wannan shi ne ya fi ba ni wuya kafin in gane, kuma shi ya fi komai canza sakamakon. Ana yawan cewa ka buɗe da labari don ka kama hankalin mutane. Wataƙila a babban taro inda mutane suka zo sauraro kawai hakan na aiki, amma gaban mutum biyar da za su sa hannu a kan kuɗi ni dai ban ga ya yi ba. In ka fara da labari ba su san inda ka dosa ba, kana magana suna tambayar kansu wannan kuma ina ya nufa, rabin hankalinsu yana can. Shaida ba ya shiga gaban alƙali kafin a karanta ƙara.

Ga yadda na jera minti goman. Bayan sallama da gaisuwa, wadda ba a tsallake ta a wurinmu ko da minti biyu aka ba ka amma kuma ba a ja ta, na faɗi ko mu su wane ne da abin da muka zo nema da adadinsa, miliyan 6, rumbu, duk cikin minti ɗaya da rabi. Sai na faɗi jimlar nan tawa a fili, asararmu a ɗakin ajiya take. Sai na ɗan yi shiru. Sannan labarin. Yana ƙarewa, ba tare da na tsaya jiran a tausaya min ba, na haye kan lissafin ƙungiya gaba ɗaya, daga nan kuɗin gini, sai yadda za mu biya. Wato labarin yana zaune ne tsakanin magana da lissafi, wajen minti na biyu zuwa na uku, maganar tana gaya musu me za su nema a cikinsa, lissafin kuma yana nuna musu ba ni kaɗai ba ne.

Shiga da fita su ne inda ake tuntuɓe. Wurin shiga kar ka nemi izini, kar ka ce "ku yi haƙuri bari in ɗan ba ku wani labari", da jin haka mutane suke jingina da kujera su ɗauko waya. Faɗa kai tsaye da lokaci da wuri, "shekara uku da suka wuce, a watan Maris", kowa ya san labari ya fara. Wurin fita kuma kana buƙatar jimla ɗaya da za ta zama gada. Tawa ita ce: "Ranku ya daɗe, wannan ɗakina ne ni kaɗai, ga abin da littafin ƙungiya ya nuna na mu 22." Sai na nuna, bara mun ajiye buhu 1,100 gaba ɗaya, 380 suka lalace, kusan ɗaya cikin uku.

A nan akwai wata gaskiya da ya kamata ka faɗa da bakinka kafin a faɗa maka. Asarata 33 cikin 80 ta haura kashi 40 cikin ɗari, ta fi ta ƙungiya muni. Na faɗi haka a fili, na ce tawa ta fi ta yawancinmu tsanani shi ya sa ban manta ta ba, amma a yi hukunci da lambar ƙungiya. Ba ka ga yadda mai danna wayar nan ya ɗago kai ba. Domin labari iyakarsa ya nuna yadda abu ke faruwa da dalilinsa, ba zai taɓa nuna sau nawa yake faruwa ba, wannan aikin littafi ne. Wanda ya tsaya da labari kaɗai, tambaya ɗaya ke kayar da shi, "to Alhaji ko kai ne ba ka iya ajiya ba?" Kuma ɓangaren ƙarshe na labarin, buhu 68 ɗin nan, shi ne ya amsa wannan tun kafin a yi ta, mutum ɗaya, kaya iri ɗaya, adadi ɗaya, wurin ajiya kawai ya bambanta. In labarinka yana da irin wannan kashi biyun, kafin da bayan, kar ka yar da na biyun don ragin lokaci, gara ka rage wani wuri.

Majigi da harshe

In kana amfani da majigi, lokacin labari kar ka bar teburin lissafi a bango, ido zai tafi can kunne ya bi shi. Ko ka sa hoto guda ɗaya na ainihin abin, ni hoton tulin ruɓaɓɓiyar albasar na sa wanda na ɗauka da waya a ranar, ko ka sa shafi baƙi wanda ba komai. A PowerPoint na Ingilishi in kana cikin nunawa ka danna B allon zai yi baƙi, ka sake dannawa ya dawo, amma tunda yawancin na'urorin ofisoshinmu na Faransanci ne kuma ba naka ba ne, ni shafi baƙi nake sakawa tun daga gida in huta. Kar ka rubuta labarin a allo. Kuma ka shirya kamar wuta za ta ɗauke, don takan ɗauke, labari shi ne ɓangaren da ba ruwansa da wuta, hoton kuma ka buga shi a takarda ka sa a dosiye.

Harshe kuwa, mu nan bayanin biro da Faransanci ake yi galibi, a kasuwa Fulatanci da Hausa, in ka haura Kuseri ko ka tsallaka Njamena ga Larabcin Shuwa. Abin da na gani shi ne labarin da ka rayu da Hausa in ka juya shi Faransanci a tsaye a gaban mutane sai ya bushe, ka tsaya laluben kalmar gadon kara. Saboda haka ka yi gwajin wayar nan da harshen da za ka yi magana da shi a ranar, ba da wanda kake tunani da shi ba. In ka san duk wanda ke ɗakin yana jin Hausa ko Fulatanci, ba laifi ka sauya don labarin ka dawo Faransanci don lissafi, sauyin ma da kansa yana farkar da mutane. Amma in akwai ko mutum ɗaya ɗan kudu da ba ya ji, kar ka yi, watakila shi ne mai sa hannu. In da tafinta za ka yi, ka tuna lokaci zai ninka, minti ɗayanka ya zama biyu, sai ka ƙara yankewa kuma ka ba shi lambobin a rubuce tun kafin a shiga.

Abubuwan da na ga suna kashe shi

Na farko, mutum ya mai da kansa gwarzo. Labarin da kai ne mai wayo kowa wawa ba ya gamsar da kowa, wanda ka yi kuskure ka gane ka gyara shi ake yarda da shi. Amma kuma a kula, kuskuren ya zama na rashin sani ko rashin kayan aiki, ba na rashin amana ba. Na taɓa ganin wani yana neman jari ya ba da labarin yadda ya taɓa cinye kuɗin adashi ya biya daga baya, shi a ganinsa yana nuna yana cika alkawari ne, su kuwa abin da suka ji shi ne yana taɓa kuɗin mutane.

Sai kama suna. In a labarinka akwai direban da ya makara ko dillalin da ya yi maka coge, ka ce "wani direba", kar ka wuce nan. Garuruwan nan namu ƙanana ne, wanda kake zagi ƙila surukin wanda ke gabanka ne. Labarin wani kuma kar ka ara ka ce naka ne, tambaya ɗaya za a yi maka, a wace kasuwa, wane wata, ka fara in-ina. In na wani ɗan ƙungiyarku ne ya fi dacewa, nemi izininsa ka ce na ɗaya daga cikinmu ne, ko ma ka zo da shi.

Kana cikin bayarwa ma za ka iya gane ko yana tafiya. In alƙaluma sun tsaya an ɗago kai, ci gaba yadda ka tsara. In ka ga an fara juya shafin dosiye ana neman inda lissafi yake, to an gaji, tsallaka kai tsaye zuwa nawa abin ya ci ka hau gadarka, ba wanda zai san ka yanke wani abu. Kuma labari ɗaya ya isa a minti goma, in na farko ya yi daɗi zuciya za ta ce ƙara na biyu, kar ka biye mata.

Na ƙarshe, ka shiga da abin da zai tsaya wa labarin in an taɓa shi. A zama na biyun nan da aka zo tambayoyi ba wanda ya tambaye ni kan kuɗin siminti ko kwano, tambaya ta farko daga madam ɗin nan ta fito, ta ce Alhaji buhu 12 da suka lalace ƙarƙashin rumfar ciyawar fa, me ya same su. Na ce wasu ruɓewa ce, wasu tsiro suka yi da damina ta kankama, sannan albasa tana rage nauyi in ta daɗe a ajiye ko ba ta ruɓe ba, don haka ko da sabon rumbu ba mu ce asara za ta koma sifiri ba, a lissafin biyan bashi mun sa kashi 20 cikin ɗari, sama da abin da ni na gani, don mu bar wa kanmu sarari. Sai direktan ya ce a ba shi littafin ƙungiya, na miƙa masa, tsohon kaye mai bangon shuɗi duk ya sha maiƙo, ya buɗe watan Yuli na shekarar da na ambata yana bi da yatsa har ya iso kan sunana da 33 a gefe.